Takardar da Na Kai da Goro

Tun kafin maganar ranar sana'o'i ta taso, akwai abin da ke damuna wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ɗiyata ta fari ta daina kawo mini takardun makaranta. Lokacin da take firamare, duk abin da aka ba su ni take fara miƙa wa, mu zauna bakin murhu ina bin haruffan da yatsa. Da ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a nan Zagga, takardun suka koma Turanci zalla. Ni kuwa aji huɗu na tsaya. Hausa ina karantawa a hankali, Turanci sai dai in gane sunan rana da lambobi. Sau biyu ta kawo, na juya takardar na ce ta jira babanta. A na uku ba ta kawo ba. Ta katanga na hango ta a gidan maƙwabciyarmu mai aiki a asibiti, suna duba wata farar takarda suna dariya.

Ba ta raina ni ba, wannan na sani. Sauƙaƙa mini take yi. Amma da ta yi mini rashin kunya da ya fi mini sauƙi, don wannan ina da maganinsa.

Saboda haka na shiga ƙungiyar iyaye mata ta makarantar. Ba na magana a taro. Ina zama can baya da goyona, in an ce a share fili in share.

Wata Laraba malamar da ke ba yara shawara ta ce mana za a yi ranar sana'o'i nan da sati uku. Za a gayyato masu aiki iri-iri su gaya wa yara yadda aikinsu yake da karatun da ya kai su can. An samu malamin gona, an samu mai gyaran lantarki, an samu ma'aikaciyar jinya. Ta ce tana son ƙarin mace ɗaya, don 'yan matanmu sun ɗauka in mace ta yi karatu, ko malama ko nas, shi ke nan.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce a garinmu, can bakin iyaka, akwai wata likitar dabbobi. Ita ke yi wa awakin mahaifiyata allura. Da kanta take tuƙa babur ta shiga rugage, kuma na ga ranar da ta sa aka kayar da wani bijimi ta duba bakinsa, maza suna tsaye suna kallo.

Malama ta ce, "Kin san inda take aiki?"

Na ce na sani. Ofishinsu na kusa da kara, inda ake cinikin shanu, kuma duk ranar kasuwa ina zuwa garin saro garin rogo da manja da ake shigowa da su daga ƙasar Binin.

Washegari aka kira ni ofishin shugaban makaranta. Na ga an fito da takarda mai tambarin makaranta a sama, shugaba ya sa hannu, ya yi wa hatimi huci ya danna. Biyu aka yi iri ɗaya. Malama ta sa su a ambulan mai ruwan ƙasa, tana yi mini bayani, ga ƙararrawa ana bugawa, ga goyona yana kuka.

"Ofis za ki kai. Ki ba magatakarda, ya buga hatimi a guda ya ba ki ki dawo muna da ita. Kin gane?"

Na ce na gane. Gaskiya kuwa na ji, amma ban san dalili ba, kuma na ji nauyin tambaya.

Da yamma ɗiyata ta shigo da gudu. An zaɓe ta ita za ta yi wa baƙuwa jawabin maraba, tun da uwarta ce ta kawo sunan. Ta ce, "Inna, in gani?" Na ciro ambulan daga ƙarƙashin tufafi, ta taɓa shi kawai ta mayar mini. Rabon da ta tambaye ni wata takarda har na manta.

Ranar kasuwa na haye kogin Kwara da sassafe, ambulan ɗin a cikin leda, ledar a cikin zane. Na isa ofishin hantsi bai yi ba. Ɗan gini ne mai ɗaki biyu. A baranda akwai benci cike da Fulani da dillalai, kowa da sanda. Ta ƙofa na hango wani mutum da tabarau a bayan tebur, ga babban littafi a buɗe, duk wanda ya shiga sai ya juya masa littafin ya miƙa biro. Na tsaya gindin wata darbejiya ina kallo. Na ce in ya tambaye ni abin da takardar ta ƙunsa fa? In ya yi mini Turanci gaban mazan nan fa? In ya ce in rubuta sunana fa?

Ina nan tsaye sai wani tunani ya zo ya ba ni mafita, har na ji kamar ni ce na fi malama sanin ya kamata. A wurinmu ba a gayyatar babbar mace a bakin hanya ko a wurin aiki. Gida ake bin ta, a yi sallama, a gaida manya, a ajiye goro. Wanda ka aika wa saƙo ta hannun wani baƙon namiji, ai ba ka ɗauke shi da daraja ba. Na shiga kasuwa na zaɓi farin goro mai kyau, aka naɗe mini a ganye, na ƙara da alawa, na nufi gidanta.

Ba ta nan, ta tafi rugage tun asuba. Surukarta na tarar, wata tsohuwa mai fara'a, Hausarta haɗe da Dandanci, yaren bakin iyakar nan. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta karɓi goyona, ta gano ko ɗiyar wace ce ni, har ta ba ni labarin yadda suka yi tallar kifi da kakata. Na ajiye goro, na miƙa ambulan da hannu biyu, na ce makarantarmu ke gayyatar likita taro.

Tsohuwa ta ce, "Ta zo ta gama. Wanda yak kawo goro har gida, wa ka ƙin zuwa nai? Tashi ki tahi da hankalinki kwance."

Na ga ta buɗe akwatin ƙarfe, ta ɗaga zannuwa, ta sa ambulan ɗin can ƙasa, ta kulle. Har na ji daɗi. Na ce takarda ta samu wurin da ya dace da ita.

Da na dawo malama ta tambaye ni, na ce an karɓa, kuma an ce za a zo. Ban ce wa ya ce ba. Ta ce ina mai hatimin? Na ce tana can. Ta ɗan dube ni, ta ce to, in karɓo in na koma.

Kwanakin da suka biyo baya yarinyar kullum tana tsakar gida tana haddace jawabinta. Ni ce baƙuwar. Takan zaunar da ni a kan turmi, ta tsaya ta haɗa ƙafafu ta fara, in ta yi tuntuɓe ta ce, "Inna, tsaya, ba ki iso ba tukun." Ba na jin Turancin, amma na san inda take yawan tsayawa, har nakan ɗaga mata yatsa kafin ta kai wurin. Na ji tana gaya wa ƙawarta ta katanga, "Innarmu ta kai takardar da kanta."

Kasuwa ta zagayo, goyona ya kwana biyu da zazzaɓi, ban je ba.

Ranar Alhamis, saura sati guda cif, malama ta aiko in zo. Na same ta da jerin sunayen baƙi a gabanta. Ta ce a cikin takardar an roƙi likita ta ba da amsa a rubuce zuwa jiya Laraba. Sauran ukun duk sun amsa, ita shiru. Ta samo lambarta ta kira ya fi a ƙirga, ba ta shiga. Wannan ban yi mamaki ba, don a garinmu waya takan bar layinmu ta kama na Binin, sai ka hau tudu.

Ta ce, "Talata za a buga tsarin taro. In ba amsa zuwa Litinin da yamma, dole in cire sunanta. Ba na iya tara yara da iyaye a kan an ce. Kuma in babu baƙuwa, babu jawabin maraba."

Sannan ta ce a hankali, "Hannun wa kika ba?"

Na gaya mata. Har goron na faɗa. Na jira faɗa, ba ta yi ba. Ta dafe goshi, kafaɗunta na rawa, na gane dariya take dannewa. Ta ce laifinta ne rabi, da ta zaunar da ni ta karanta mini. Ta ce za a iya sake buga wata a ba wani malami ya kai.

Na ce a'a. Na ce ni na ajiye ta inda take, ni zan ɗauko ta.

Juma'a da Asabar da Lahadi yarinyar ta ci gaba da zaunar da ni a kan turmi. Ban gaya mata ba. Ina ɗaga mata yatsa kamar kullum.

Litinin na riga rana fita. Allah ya taimake ni na tarar da likita a ƙofar gida tana ɗaure akwatin sanyi na allurai a bayan babur, ta sa takalmin roba har gwiwa. Na gaishe ta na ce na zo jin amsar takarda.

Ta ce, "Wace takarda?"

Ta leƙa cikin gida ta ɗaga murya. "Iya! Wai an kawo min takarda?"

Tsohuwa ta fito tana gyara ɗankwali. "Ba na hwaɗa miki ba? Na ce ɗiyar gidan masu kihi ta kawo goron biki."

"Kin ce biki, Iya. Ni ina ta jiran a hwaɗa min ranar suna. Goron ma tare munka ci shi."

"To ba ki ci ba? Wanda yac ci goro ai ya amsa."

"Takardar fa?"

"Tana inda ɓera ba ya kai. Ke da kike yar da takardu ko'ina kamar ɓawon gyaɗa, in ba ki ita ta ɓace?"

Aka buɗe akwati. Ambulan ya fito yana ƙamshin turaren wuta, ko lanƙwasa babu. Likita ta zauna a kan dakali ta buɗe, ta karanta, ta dubi kwanan wata, ta dube ni. Ni dai ƙasa nake kallo.

Ta ce, "Zo nan, ƙanwata. Zauna. An karanta miki ita?"

Na ce a'a.

Sai ta ɗora takardar a kan gwiwata, ta sa yatsa, kamar yadda nake yi wa yarinyar da. Ta ce wannan na sama sunan makaranta ne. Wannan lambar takarda ce, da ita za a neme ta a fayil ko bayan shekaru. Wannan sunanta ne da muƙaminta. Ta tsaya a layin da ke ƙasa da shi.

"Wanga layi shi ne duk maganar. Ya ce takarda ta biyo ta hannun shugaban ofishinmu. Alhamis ranar aiki ce, ba tawa ba ce. In na tashi na tahi Zagga ba da izni nai ba, na gudu daga aiki ke nan, ko da alheri na je yi. Shi zai gani, ya rubuta ya yarda, sannan ta iso gare ni."

Ta ci gaba. Rana kaza, ƙarfe goma na safe, a filin makaranta. Ana so ta yi magana minti ashirin a kan aikinta da darussan da yaro zai riƙe in yana son irinsa, sannan yara su yi tambaya. Ga ranar da ake son amsa, ta wuce. Ga sa hannun shugaba da hatimi. Ta biyun kuma shaida ce, in an buga mata hatimi makaranta ta san saƙo ya isa, ba sai ta dogara da bakin kowa ba.

Ban taɓa sanin takarda tana da hankali haka ba. Duk abin da nake tsoron a tambaye ni, ashe ta riga ta amsa shi da kanta.

Likita ta ce akwai matsala. An riga an rubuta ta ranar Alhamis za ta yi rigakafi a wata ruga, an kuma sanar da masu shanu. Sai in shugabansu ya yarda a yi musanya.

Na ce ko za ta shiga da ita ta yi masa bayani.

Ta ce, "Ni anka gayyata, ba ni anka aiko ba. Ke za ki kai. Ina bayanki."

Bencin nan yana nan da mutanensa. Na wuce su na shiga. Mai tabarau, wato magatakarda, ya amsa sallamata da Hausa, Hausar ma irin tamu. Ya karɓi takardun, ya rubuta lambar a littafinsa, ya buga hatimi a duka biyun, ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu, ya miƙo mini ɗaya. Ya juyo littafin ya ce in rubuta sunana a nan. Na rubuta. Harafin farko ya fi sauran girma. Ko kallo bai yi ba, yana neman murfin biro. Abin da ya hana ni barci ke nan, bai kai a tafasa ruwan shayi ba.

Daga nan aka shigar da mu wurin shugaban ofishin, wani dattijo mai furfura a gemu. Ya karanta, ya dubi kwanan da aka rubuta takardar, ya dubi na hatimin.

Ya ce, "Takarda ta kwana goma sha takwas a hanya? Daga Zagga? Ko da jaki anka aiko ta ai ta iso. Makaranta ta riƙe ta, sannan a ba ni kwana uku?"

Likita ta buɗe baki, na riga ta. Na ce, "Ranka ya daɗe, makaranta ba ta da laihi. A kan lokaci sunka ba ni. Ni na ji tsoron ofis, na kai ta gida da goro."

Ya sauke takardar. "Da goro?"

Na ce e.

"To ina nawa? Takarda ta hannuna za ta bi, goro kuma ya bi ta hannun wasu?"

Magatakarda ya fashe da dariya daga ɗaya ɗakin. Likita ta ce Iya ta cinye rabi, sai ya bi ta can. Dattijon ya girgiza kai, ya jawo jadawalin aiki, ya daɗe yana dubawa. Ya aika aka kira wani abokin aikinta, ya tambaye shi ko zai karɓi rugar Alhamis ita ta karɓi tasa ta Laraba. Mutumin ya ce ba komai. Sannan ya rubuta layi biyu a gefen takardar ya sa hannu.

Ya ce mini, "Ɗiyarki na makarantar?"

Na ce ita za ta yi wa likita maraba.

Ya ce, "To ta yi da kyau. Mun rasa yara masu son aikin ga."

Kafin azahar an buga amsa, likita ta sa hannu. Ta karanta mini ita ma ba tare da na roƙa ba: ta gode, ta amsa gayyata, za ta zo da kayan aikinta, tana roƙon a tanadar mata tebur. Na iso Zagga ana kiran la'asar. Makaranta ta tashi, amma malama na zaune a baranda tana jirana. Ta karɓi takardun biyu, ta duba hatimin, ta ce, "Sannu da hanya." Ta sa su a fayil. Ba ta taɓa tayar da maganar goro gaban kowa ba, har yau.

Ranar Alhamis likita ta iso a kan baburinta, goma saura. Yarinyar ta tsaya ta haɗa ƙafafu. Da ta kusa wurin da take tuntuɓe na ga idonta na nemana cikin mata, na ɗaga yatsa, ta wuce lafiya. Likita ta baje sirinji da safar hannu da akwatin sanyi a kan tebur. Ta gaya musu su riƙe lissafi da kimiyya, ta ce aikin akwai rana, akwai kashin shanu, akwai harbin ƙafa, wanda ke ƙyama ya nemi wani. Wata yarinya ta tambaya ko bijimi ya taɓa kayar da ita. Ta ce sau biyu, kuma duka biyun ita ce ba ta saurari mai shanun ba. A ƙarshe ta gode wa makaranta, ta ce ta kuma gode wa uwar da ta tako har garinsu sau biyu saboda takarda ɗaya. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

A hanyar gida yarinyar ta ce, "Inna, sau biyu?"

Na so in ce hanya ce ta yi wuya. Sai na gaya mata duka, da darbejiya, da goro, da akwatin Iya, da babban harafina a littafin mai tabarau. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Can ta ce, "Kuma kin shiga?"

Na ce na shiga.

Bayan sati biyu aka ba su wata takarda. Ina tankaɗe sai na ji ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Ta ɗora takardar a kan gwiwata ta ce, "Ni in karanta, ke ki hwaɗa min abin da suke so." Na share hannuna. Na nuna mata lambar, na nuna kwanan wata, na ce ta duba ƙasa ko akwai ranar da ake son amsa. Akwai. Taron iyaye ne, kuma ana so a yanke ƙasan takardar a sa hannu a mayar. Ni na sa.

Mutanen nan huɗu, malama da likita da dattijon da wanda ya karɓi rugar Alhamis, kowannensu yana da damar ya ce ba ruwansa, ba wanda ya ce. Iya ma ina gode mata, don takardar ko ƙura ba ta taɓa ba. Na koma da goro na kai ofis, dattijon ya raba wa na kan benci.

Roƙona ga mai karanta wannan ɗaya ne. In za ka ba irina takarda ta kai wani wuri, ka zaunar da ita minti biyar, ka karanta mata daga sama har ƙasa, ka gaya mata dalilin kowane layi. Ba za ta tambaye ka ba, kunya take ji.